Injin wuta yana mutuwa bayan minti 10, kuma baƙin mai na warin fetur

Maman Amira: Assalamu alaikum. Don Allah masana inji ku taimaka. Janaretanmu mai 2.5 kVA ne, irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban, fetur daban. Kullum awa 4 yake aiki da daddare, fitilu da fanka 3 da talabijin da ƙaramin firij. Kwanan nan in an tashe shi sai ya yi kamar minti 10, ya fara tari yana baƙin hayaƙi, ya mutu. Wani yaro mai gyara ya ce a cire wayar nan da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, wai ita ce matsalar. Abban Amira ya yi tafiya, ni kuma ban yarda a taɓa ba sai na tambaya.

Malam Sani Bakanike: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika hana. Wannan wayar ita ce ke tsakanin injinki da bugawa, kuma ko da ita ce ke kashe shi, ba ta sa baƙin hayaƙi. Idan ita ta kashe inji, ɗif yake ɗaukewa kamar an murɗa makunni, babu tari. Kafin kowa ya kwance komai, ki yi abu ɗaya. Ki ajiye injin a daɓe mai daidai, a kashe, ya huce. Ki goge gefen murfin baƙin mai da tsumma don kada ƙasa ta faɗa ciki, sannan ki buɗe. Ki gaya mana abu uku: ina man ya tsaya, yaya kaurinsa a tsakanin yatsu, kuma wane wari yake yi.

Ɗanlami Mai Aski: Fulogi ne kawai. A canja fulogi a huta.

Malam Sani Bakanike: Ɗanlami, za a iya samun fulogin ya yi baƙi, ban musa ba. Amma wani abu ne ya baƙanta shi. In ka sa sabo ba ka gano abin ba, kwana biyu shi ma zai bi sahu.

Maman Amira: Malam Sani na duba. Ina buɗe murfin sai man ya kwararo ƙasa da kansa, har ya jiƙa tsumman. Ba shi da kauri, kamar ruwa-ruwa, kuma warin fetur yake yi sosai. Ni kuwa babu wanda ya ƙara masa mai tun juyen da aka yi.

Malam Sani Bakanike: To Hajiya, kada a sake tayar da injin nan sai an yi juye. Baƙin mai ba ya ƙaruwa da kansa. In kin ga ya hau, wani abu ne ya shiga cikinsa, kuma hancinki ya riga ya gaya miki ko mene ne.

Ga yadda abin yake faruwa. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa a ciki. Cikin kofin akwai fulot da ke yawo a kan man, a jikinsa kuma akwai wata 'yar allura mai bakin roba. Idan kofin ya cika, fulot ya taso, allurar ta toshe hanyar da fetur ke shigowa. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan tsatsa ko danƙon tsohon fetur ya isa ya hana allurar zama daidai. Tankin janareta kuwa a sama yake, saboda haka muddin famfon fetur a buɗe yake, man zai ci gaba da gangarowa ko injin na kashe. Kofi ya cika ya tumbatsa, fetur ya bi maƙogwaron kafireta ya shiga silinda, ya silale ta gefen zoben fistin ya sauka cikin baƙin mai. Dare ɗaya ba za ki lura ba. Sati biyu ana barin famfo a buɗe, sai ki ga abin da kika gani yau.

Wannan allurar ce kuma ke jawo tarin da baƙin hayaƙin. Fetur yana yi wa injin yawa, iska ta yi masa kaɗan, ba ya ƙonewa duka, sai ya bar baƙin toka a bakin fulogi har wutar ta daina tsallakawa. Shi ya sa yake tashi, ya ɗan yi aiki, ya shaƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne man. Irin injin nan, wanda za ki ga an rubuta 168F a jikinsa ko makamancin haka, kwaikwayon Honda GX160 da GX200 ne. Baƙin man da yake ci duka-duka lita 0.6 ne, ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai. Wani ɗan ƙarfe ne a ƙasan sandar fistin yake dukan man yana fantsama shi ko'ina. Idan fetur ya tsinka man, babu abin da zai riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma na'urar da yaron nan yake so ya cire ba za ta cece ki ba, domin ita yawan mai take aunawa, ba ingancinsa ba. A wurinta baƙin mai cike yake, komai lafiya.

Ɗanlami Mai Aski: Oga Sani ni fa ban gane ba. Nawa injin na shago ai cikin fetur ɗin ake zuba baƙin mai da gangan, kuma yana aiki. Me ya sa nata zai lalace don sun haɗu?

Injiniya Bashir: Ɗanlami, naka jinsi daban ne. Ƙaramin nan ne irin Tiger TG950, da 'yan kudu ke ce wa na fi maƙwabcina. Shi ba shi da wurin ajiyar baƙin mai kwata-kwata, don haka man da ke cikin fetur ne ke shafe masa ƙarafa, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Na Maman Amira kuwa man yana zaune a ƙasa ne yana zagayawa, ba a so ya ƙone, ba a so wani abu ya gauraya da shi. In aka zuba haɗin ka a tankinta, hayaƙi zai yi da toshe fulogi. In aka zuba fetur zalla a naka, cikin ɗan lokaci fistin zai kama.

Tun da ka kawo maganar, awon naka yawanci 50:1 ne, wato mililita 20 na mai a kowace lita 1 ta fetur. Tankin lita 4 yake ci, ka ga mililita 80 ke nan. Wasu kamfanonin suna rubuta 40:1, wato mililita 25 a lita, saboda haka ka bi abin da aka rubuta a kan tankinka. Man da aka yi don wannan aiki shi ne wanda ke da 2T a jikin gorarsa. Man mota ba a yi shi don ƙonewa ba, yana barin gawayi a kan fistin da bakin salansa har injin ya rasa ƙarfi. A jarka ake haɗawa a girgiza sosai sannan a zuba, domin in ka tsiyaya man kai tsaye cikin tanki, zai iya kwanciya a ƙasa ya fara shiga kafireta shi kaɗai.

Ɗanlami Mai Aski: Ni da ido nake aunawa, in hayaƙi ya yi yawa na san ya isa.

Injiniya Bashir: In hayaƙi ya yi yawa, ya wuce isa. Ka sayi sirinji mai mililita 20 a kemis, sirinji ɗaya a lita ɗaya, magana ta ƙare.

Maman Amira: Malam Sani to yanzu me zan ce a yi? Ina so in tsaya a kai in ga an yi daidai.

Malam Sani Bakanike: A ƙa'ida ana ɗan ɗumama inji kafin juye don man ya fita da sauri, amma wannan karon a bar ɗumamawar, man ya riga ya tsinke. A rufe famfon fetur. A sa roba a ƙasa, a kwance noti na juye da ke gindin injin, a buɗe murfin sama, a ɗan karkata injin har ya daina ɗiga. A mayar da notin da wasarsa, a ɗaure daidai, ban da ƙarfin tsiya, domin gidan alminiyom ne, zaren na saurin cinyewa. Sai a daidaita injin a zuba sabon mai a hankali har ya kawo leɓen ramin zubawa, ya tsaya nan bai zubo ba. In da geji za a auna, a goge shi, a zura shi ba tare da an murɗa ba, a ciro a duba. Masu murɗa shi ciki kafin su karanta suna ganin mai ya fi yadda yake.

Sannan kafireta. A kwance kofin, sifana 10 ce yawanci. Ki leƙa cikinsa da kanki. Jan gari-gari tsatsar tanki ce, abu mai yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa danƙon tsohon fetur ne, ɗigo-ɗigo masu yawo a ƙasan kofi kuma ruwa ne. A zare fil ɗin fulot, a fito da allurar a duba bakinta. In ta yi zobe ko ta lotsa, a canja ta. A girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in an ji motsin mai a ciki ya huje, shi ma a canja. Kafin a mayar da kofin akwai gwaji mai sauƙi: a ɗaga fulot da yatsa a buɗe famfo, kada ɗigo ko ɗaya ya sauko, a sake shi, fetur ya zubo. A yi wannan a fili, injin a sanyi, babu wuta a kusa.

Fulogi a goge shi da burushin waya, tazarar bakinsa 0.7 zuwa 0.8 na milimita. In farin jikinsa ya tsage, a sa sabo, F7TC ne ko BPR6ES a yawancinsu. A buɗe gidan filtar iska ma, domin man da ya yi yawa yakan bi ƙaramin tiyon numfashi ya jiƙa soson. A wanke soson da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa sabon mai kaɗan a matse. Bayan an tashe shi ya yi kamar awa 5 na aiki, ni da zan so a sake juye, don a kwashe sauran fetur ɗin da ya maƙale. Lita 0.6 ba ta kai kuɗin fistin da kiransha, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, ba.

Amma Hajiya, duk wannan zai dawo in ba a gano inda dattin ya fito ba. A ina kuke ajiye fetur, kuma tun yaushe?

Maman Amira: Jarka 3 masu lita 20 aka saya lokacin da aka yi jita-jitar ƙarin kuɗi. Sai kuma wutar NEPA ta ɗan zauna, ba a sha su da wuri ba. Wannan ta ƙarshen ta kai wata 3. Jarkar man gyaɗa ce aka wanke. A soro suke, nan kusa da injin.

Sista Hadiza: Maman Amira, tsaya. Injin ma a soro yake aiki?

Maman Amira: Eh Sista, saboda ɓarayi da ruwan sama. Amma muna barin ƙofar tsakar gida a buɗe don iska ta shiga.

Sista Hadiza: 'Yar'uwa, wannan ya fi maganar kafireta gaggawa. Don Allah daga yau kada a sake kunna shi a soro, ko an gyara. Soro ɗaki ne mai rufi, kuma in ƙofar waje na rufe, ta ciki na buɗe, hayaƙin ba shi da mafita sai tsakar gida, inda ƙofofin ɗakunanku da tagoginku suke kallo.

Abin da ke kashe mutane ba hayaƙin da ake gani ba ne. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Injin da ke aiki lafiya lau ba hayaƙi yana fitar da ita, wanda fetur ya yi wa yawa irin naki kuma ya fi fitarwa. In ta shiga huhu, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai jinin ya yi ta zagayawa bai ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata ba. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, daga baya ruɗewa, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa.

Ana yawan ɗaukar ta a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko gubar abinci. Ga yadda za a bambance: mutanen gida da yawa suna jin abu ɗaya a lokaci ɗaya, yawanci da asuba, babu zafin jiki, kuma in an fita makaranta ko kasuwa sai a ji sauƙi, a dawo da daddare abin ya dawo. Ko yaranki na tashi da ciwon kai kwanakin nan?

Maman Amira: Innalillahi. Biyu daga cikinsu, masu kwana a ɗakin da ke jikin soron. Har an ba su maganin maleriya.

Sista Hadiza: Ba zan yanke cewa hayaƙin ne daga nan ba, amma ki kai su a duba su, ki faɗa wa likita a fili cewa janareta na aiki kusa da ɗakin kwanansu. In ba ki faɗa ba, da wuya a yi tunaninsa. Ga kowa da ke nan kuma: in kun shiga ɗaki kun tarar da mutane sun galabaita kusa da inji, a buɗe ƙofa, a kashe injin, a fito da su fili nan take, mai ceton kada ya daɗe a ciki. Sai asibitin da ke da oksijin. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa fitar da wannan iska daga jini, kuma wanda bai cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa da su. A iskar waje kawai, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita, da oksijin zalla kuwa awa 1 da 'yan mintoci. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin tana iya nuna komai daidai alhali jinin cike yake da guba, kada a dogara da ita a koma gida. Mai juna biyu da jariri da mai ciwon zuciya, ko sun ce sun warware, a kai su.

Alhaji Garba: Sista Allah ya saka. Amma mu faɗi gaskiya, gidajenmu na cikin gari ina filin yake? Abin da mutane ke yi shi ne a kai wa mai walda ya ƙara wa salansa dogon bututu, a huda bango a fitar da shi waje. Inji na ciki, hayaƙi na waje.

Injiniya Bashir: Alhaji, ranka ya daɗe, dabarar tana da ma'ana a ido, amma ba zan sa hannu a kanta ba a gidan da ake kwana. Ƙaramin inji mai silinda ɗaya girgiza yake yi ba tsayawa, bango kuma ba ya motsi. Bututun da aka kafe tsakaninsu a wurin walda yake tsagewa, ko gasket ɗin bakin salansa ya saki, kuma ranar da ya tsage babu wanda zai sani tun da iskar ba ta wari. In bututun siriri ne ko mai lanƙwasa da yawa, yana danne numfashin injin ya ƙara masa zafi. Ga shi injin da iska yake hucewa, a rufaffen wuri iskar da ya ɗumama ita yake sake ja.

Awon da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke bayarwa shi ne ƙafa 20, kimanin mita 6, daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Littafin injin kuma yana neman a bar masa aƙalla mita 1 ta kowane gefe. Maganar ɓarayi da ruwa, keji ne maganinta: a ɗaga daɓen siminti ya fi ƙasa tsawo don ruwan damina, a kafa ƙarfe a ciki, a yi keji na rodi mai kwano a sama, gefe huɗu a buɗe, da sarƙa da kwaɗo. Kada a lulluɓe shi da buhu ko langa-langa don rage ƙara.

Abin da ke sa mutane matso da inji kusa shi ne gajeriyar waya. A sayi waya mai kaurin 2.5 mm² ta jan ƙarfe na gaske. A tsawon mita 15, ko injin na jan amfiya 10, abin da za a rasa bai wuce bolt 2 da ɗan abu ba, ba za a ji shi ba. Siririyar wayar fitila ce ke zafi tana narkewa. Kuma a bi ta makunnin canji, ban da soka wayar inji a soket ɗin bango. Wannan yana tura wuta kan layin waje, zai iya kashe mai aiki a kan turken lantarki, in wuta ta dawo kuma ta ƙona injin.

Alhaji Garba: To wanda tsakar gidansa gaba ɗaya ba ta kai mita 6 ba fa, Injiniya? Ya kwana a duhu?

Injiniya Bashir: Babu amsa mai daɗi, Alhaji. In akwai saman bene a buɗe ko fili ta bayan gidan, can. In babu, ƙofar gida a cikin keji, a lura kada salansa ta kalli tagar maƙwabci. In duk babu, to a kunna da farkon dare ana farke, a caza fitilu da fanka mai batir, a kashe kafin a kwanta, tagogin ɓangaren a rufe. Wannan rage haɗari ne, ba kawar da shi ba. Na'urar ƙararrawa mai batir da ke jin wannan iskar tana da amfani a ɗakin kwana, amma ba lasisin shigo da inji ciki ba ce.

Sista Hadiza: A ƙara da bazara, lokacin da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tsakar gida mai dogayen katangu, daren da babu iska, tana riƙe hayaƙi. Kada a ce ai sama a buɗe take a kwanta kusa da inji.

Ɗanlami Mai Aski: Ai iskar nauyi gare ta, ƙasa take bi. In mutum na kan gado ba ta kai masa.

Injiniya Bashir: Ka haɗa abu biyu. Kabon monoksaid nauyinta kusan ɗaya da iskar da muke shaƙa, gauraya take yi ta cika ɗaki sama da ƙasa, har bene take hawa. Wanda ke bin ƙasa tururin fetur ne, ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4. Shi ne ke malala ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya tarar da murhu ko risho ko maganin sauro na kunnawa, wutar ta biyo shi baya har bakin jarka.

Malam Sani Bakanike: Wannan ya dawo da mu kan jarkar Hajiya. Laifi uku ne a wuri ɗaya. Jarkar da aka wanke da ruwa ba ta bushewa gaba ɗaya, ruwan kuma ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya tare da datti, sai ranar da aka kife jarkar don tsiyaye na ƙarshe ya tafi tanki. Ragowar man gyaɗa a jikin robar fetur na narkar da shi. Sannan wata 3 a zafin nan namu ya yi yawa: sassan fetur masu saurin kamawa su ke fara tashi, abin da ya rage ya yi duhu, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti, ya fara danƙo. Ni wata 1 nake ba fetur a jarka. Da lodin da kika lissafa injinki bai wuce lita 1 a awa ba, wato lita 20 ta kusan kwana 5 ce. Jarka ɗaya ta ishe ku, a shanye a sake saye, wadda aka fara saya ita ake fara sha.

Ki gwada wanda ya rage. Ki tsiyayi kaɗan daga ƙasan jarkar a kwalbar gilashi mai haske, ki ajiye minti 10 a inuwa. In kin ga layi a ƙasa ko ya yi gajimare, bai dace da inji ba. Tankin ma a juye shi, a wanke ragar bakinsa da ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfo in yana da shi. Ko daga gidan mai aka saya a riƙa tacewa da mazurari mai raga, mun ga abin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya yi wa injuna a watan Fabrairun 2022, balle na 'yan bumburutu da ke wuni a galan a rana.

Jarka ta zama ta fetur tun asali, ta ƙarfe ko roba mai kauri, murfinta da robarsa, ban da gorar ruwan sha. Kada a cika ta fal. Lita 20 in zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 45 tana ƙaruwa da kusan lita 0.4, ban da tururin da ke kumbura ta, don haka a bar sarari kamar lita 1. A ajiye a inuwa, wuri mai iska, a kulle saboda yara, nesa da kicin, nesa da injin kansa, ba ƙarƙashin matakalar bene ba kuma ba a hanyar fita ba. Soro shi ne ƙofarku ɗaya tilo, Hajiya. In wuta ta tashi a nan, ta ina za a fita?

Ƙara mai kuma sai an kashe inji ya huce kamar minti 15, domin tanki a saman salansa mai zafi yake. Da tocila ake haskawa. A goge abin da ya zube, a mayar da jarka wurinta kafin a ja igiya. Bokitin yashi ya zauna kusa. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa.

Alhaji Garba: Malam Sani, wane mai za ta zuba? Ni dai a zafin Arewa ban yarda da mara kauri irin 10W-30 ba. SAE 40 ko 20W-50.

Malam Sani Bakanike: Littafin Honda 10W-30 ya ce don amfanin yau da kullum, kuma sabon inji ina bin littafi. Inji in ya tsufa, yana shan mai, a watan Afrilu, ban ga laifin 15W-40 ko 20W-50 ba. SAE 40 zalla da sanyin asubar hunturu yana da nauyi ga injin da fantsama mai yake yi.

Injiniya Bashir: Ni a nan na fi kusa da Alhaji. Jadawalin littafin kansa yana tsayawa ne wajen digiri 40, mu kuwa muna wuce haka, ga inji a keji.

Malam Sani Bakanike: Da daddare take kunnawa, Injiniya, ba da azahar ba. Ko ma wanne aka zaɓa, ya zama a rufaffiyar gora daga wurin da aka amince da shi, ban da na awo a kwalba. Lokacin juye ya fi lambar muhimmanci. Sabon inji bayan awa 20 na farko, daga nan littafi ya ce duk awa 100. A awa 4 kullum, kwana 25 ke nan. Da hunturu, ƙura na shiga ko'ina, a rage zuwa awa 50, wato kusan duk sati biyu, soson iska kuma duk sati. Duba mai kuwa kafin kowace tayarwa, da ido da hanci. Tsohon man kada a zuba a kwata, a tara a kai wa masu gyara.

Maman Amira: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Wajen kashewa, wasu sun ce a rufe famfo a bar shi ya mutu da kansa, wasu sun ce hakan na lalata inji.

Injiniya Bashir: Abin da ke lalatawa shi ne a bar shi ya mutu da lodi a kansa. Yana shaƙewa wuta na hawa da sauka, firij da na'urar daidaita wutar injin su ke shan wahala. A fara sauke lodi, a bar shi minti 2 ko 3 ya huce, sannan a kashe.

Malam Sani Bakanike: Haka ne. In gobe za a sake kunnawa, a kashe da makunni a rufe famfo, ya wadatar. Rufe famfon nan kaɗai da ya hana fetur sauka cikin man ko da allura ta lalace. In zai yi sati biyu ko fiye a ajiye, a rufe famfo a bar shi ya shanye na kofi ba lodi, ko a kwance ƙaramin sukurun da ke gefen kofin a tsiyaye. In dole a shigo da shi soro saboda ɓarayi kafin a yi keji, sai ya huce sarai, famfo a rufe, murfin tanki a ɗaure, jarka kuma ba ta wurin.

Maman Amira: An fitar da jarkar ta bayan gidan tun ɗazu. Gobe da safe zan kai yaran asibiti, mai gyara kuma sai da yamma. Injiniya, daga ƙofar gida zuwa tagar ɗakin yaran na auna da taku, bai fi mita 4 ba, tagar kuma titi take kallo.

Injiniya Bashir: Mita 4 da taga a saitinsa bai yi ba. Ki duba ɗaya ɓangaren ƙofar, in babu taga a can, taku nawa ne zuwa tagar maƙwabta? Ki auna ki faɗa mana kafin a kira mai walda.